Farashi daban, abin da banki ya cire daban: ina sefarka ke tafiya idan ka biya da kuɗin waje?

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin otal a Makka, ko tikitin jirgi, ko kaya a intanet da katin bankinsa na sefa, ya san wannan ciwon kai. Allo ya nuna masa farashi, ya yi lissafinsa ya ga kuɗinsa sun isa, ya danna. Bayan kwana biyu ya duba asusu sai ya tarar an zare abin da ya fi haka, wani lokaci da jaka goma, wani lokaci da jaka talatin ko fiye. Daga nan sai zargi ya tashi. Wannan ya ce otal ne suka cuce shi, wancan ya ce banki ne ke yankar mutane a ɓoye.

Na zauna da takardun asusu na 'yan uwa da abokai da dama a nan Kamaru, waɗanda suka dawo daga Umara ko daga saro kaya, muna bin lissafin layi bayan layi. Abin da na lura shi ne mafi yawan lokaci ba sata aka yi ba. Kuɗin sun bi ta hannu uku ne ko huɗu kafin su isa, kowane hannu kuma da abin da ya taɓa. Wani ba ka da iko a kansa, wani za ka iya sanin girmansa tun kafin ka biya, akwai kuma ɗaya da za ka iya kauce masa ƙwata-ƙwata idan ka gane shi.

Zan ɗauki misali guda, kuɗin otal a Makka, in bi shi daga allo har zuwa asusu. Idan na ce dala a wannan rubutu, dalar Amurka nake nufi, ba dalar nan tamu ta sefa biyar ba.

Farashi na gaskiya ɗaya ne

Otal ɗin da ke Makka da riyal yake sayar da ɗakinsa. Da riyal yake biyan ma'aikatansa, riyal kuma yake so ya shiga asusunsa. Don haka farashin ɗakin na haƙiƙa shi ne wanda aka rubuta da riyal. Idan shafin da kake kama ɗaki ya nuna maka adadi da sefa, sau da yawa ƙiyasi ne kawai: ya ɗauki farashin riyal ya juya da canjin wannan ranar don ka san inda kake. Ba alkawari ba ne. Idan ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, yawanci za ka ga an faɗa cewa da kuɗin ƙasar otal ɗin za a caje ka.

Canjin da irin waɗannan shafuka ke amfani da shi, shi ne wanda za a iya kira farashin tsakiya. Ka je wurin ɗan canji a kasuwa ka tambaye shi dala, zai ba ka farashi biyu: wanda yake saye da wanda yake sayarwa. Ribarsa tana tsakanin biyun. Farashin da kake gani a waya idan ka bincika yana tsakiyar waɗannan biyu ne, kuma ba wanda ke sayar wa mutum ɗaya da shi. Ma'auni ne, ba farashin kanti ba.

Mu masu sefa muna da wani abu da ke sauƙaƙa mana lissafi. Sefar da bankin BEAC ke bugawa, wadda Kamaru da Cadi da Gabon da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini ke amfani da ita, a ɗaure take da yuro tun 1 ga Janairu 1999. Yuro ɗaya sefa 655.957 ce, wato 656 saura ƙiris, yau da gobe da jibi. Riyal ɗin Saudiyya shi kuma a ɗaure yake da dala tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75. To ka ga, tsakanin sefa da riyal abu ɗaya ne ke motsi: farashin yuro da dala a kasuwar duniya. Idan yuro ta yi ƙarfi, riyal ya yi mana araha. Idan ta yi rauni, ya yi tsada, ko da otal bai ƙara ko sisi ba.

Motsin nan kuma ba ƙarami ba ne idan aka ba shi lokaci. A farkon 2021 yuro ɗaya tana kusan dala 1.22, abin da ya sa dala ta tsaya a wajen sefa 538. A watan Satumba na 2022 yuro ta faɗi ƙasa da dala, har wajen 0.96, dala ta haura sefa 680. Ɗaki ɗaya, farashi ɗaya da riyal, amma ɗan Kamaru ya biya ƙarin fiye da kashi ɗaya bisa huɗu.

Gwajin yuro: yadda za ka san la'adar bankinka

Kafin mu je Makka, ga wata dabara da ɗaurin sefa da yuro ya ba mu. Tun da farashin yuro ba ya motsi, duk abin da ka saya da yuro yana tona asirin abin da ake ɗora maka, don babu kasuwar da za a ɗora wa laifi.

A ce ka sayi kaya na yuro 100 a wani shafi na Faransa. A farashin hukuma, sefa 65,596 ke nan. Idan asusunka ya nuna an cire 67,943, to bambancin, sefa 2,347, kuɗin hidima ne zalla. Mu ƙaddara bankinka yana karɓar kashi 3 cikin 100 a kan duk biyan da aka yi a wajen yankinmu. Wannan adadi na ɗauke shi ne don misali, kowane banki da nasa. Kashi 3 na 65,596 shi ne 1,968. A kan wannan la'ada kuma akwai harajin TVA, wanda a Kamaru kashi 19.25 ne cikin 100, ya kama 379. Ka haɗa 1,968 da 379, ga 2,347 ɗinka cif. Harajin a kan la'adar yake hawa, ba a kan kuɗin kayan ba, amma shi ne ya mayar da kashi 3 ya koma kusan kashi 3.6.

Wasu bankunan suna da wani ƙayyadadden kuɗi da suke cira a kowane biya, ko kaya na da yawa ko kaɗan. A babban ciniki ba ka jin sa. A ƙaramin ciniki kuwa shi ne ke cizo. Idan kuɗin sefa 500 ne, da haraji ya zama 596. Wanda ya biya yuro 5 don wata manhaja, wato sefa 3,280, an ɗora masa kashi 18 cikin 100 tun kafin a zo maganar kason la'ada. Shi ya sa masu biyan ƙananan kuɗin wata-wata suka fi kowa kuka, kuma suna da gaskiya.

Wannan la'adar ba sirri ba ce. Tana cikin jadawalin kuɗaɗen hidima na banki, wanda ake liƙawa a reshe ko a shafinsu, galibi da sunan `Conditions tarifaires`. Ka nemi layin da ke maganar biya da kati a ƙasar waje, ka duba abu uku: kaso nawa ne, akwai ƙayyadadden kuɗi a kai ko babu, sannan an haɗa haraji a ciki ko tukuna.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne biya a Nijar ko Benin. Sefarsu da tamu daraja ɗaya, duk 655.957 a yuro. Amma tasu ta bankin BCEAO ce, a allo ana rubuta ta XOF, tamu XAF. A idon banki kuɗi biyu ne daban, kuma ka fita daga yankin. Don haka kada ka yi mamaki idan ka biya jaka hamsin a Yamai ka ga an cire hamsin da wani abu.

Daga riyal 3,750 zuwa sefa 632,242

Yanzu mu bi misalin namu. Wani Alhaji ya kama ɗaki a Makka, kwanakinsa gaba ɗaya riyal 3,750, sai ya isa zai biya. Na zaɓi wannan adadi ne don ya yi daidai da dala 1,000. Farashin yuro da kason la'ada da zan sa duk na misali ne, amma hanyar lissafin ita ce ta gaske.

Ranar da ya kama ɗakin, yuro ɗaya dala 1.10 ce. Don sanin farashin dala da sefa, sai ka raba 655.957 da 1.10, ka samu 596.32. Dala dubu ta zama sefa 596,325. Wannan shi ne adadin da shafin ya nuna masa, shi ya riƙe a kansa, shi ya faɗa wa iyalinsa.

Hannu na farko, kasuwa. Bayan mako uku ya isa Makka ya miƙa katinsa. A wannan ranar yuro ta ɗan sauka zuwa dala 1.08. A ido kamar ba komai, amma ka raba 655.957 da 1.08 za ka samu 607.37. Riyal 3,750 ɗin nan yanzu sefa 607,368 ne. An samu ƙarin 11,043, kuma ba aljihun kowa suka shiga ba. Otal bai ci ba, banki bai ci ba, riyal ne ya yi tsada. Da yuro hawa ta yi zuwa 1.12, da kuɗin sun sauko zuwa 585,676, ya samu rarar fiye da jaka goma. Wannan hannun shi kaɗai ne ke iya ba ka kamar yadda yake iya karɓa.

Hannu na biyu, kamfanin katin. Katin Alhaji yana ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard. Su ne ke tsaye tsakanin bankin otal a Saudiyya da bankinsa a Kamaru. Bankin otal yana son riyal, asusun Alhaji kuma sefa ne a ciki, dole wani ya juya. Kowane ɗaya daga cikin kamfanonin yana fitar da farashinsa na canji kullum, wanda yawanci yana kusa da farashin tsakiya amma ba daidai da shi ba. Wasu bankunan kuma suna karɓar lissafin da dala ko yuro ne, su ƙarasa juyawa zuwa sefa da nasu farashin. Ko ta wace hanya, akwai 'yar tazara. Mu sa ta rabin kashi ɗaya cikin 100, wato sefa 3,037. Mun kai 610,405. Wannan tazarar ba za ka gan ta a layi na daban ba, tana cikin farashin canjin kansa.

Hannu na uku, bankinsa. Kashi 3 cikin 100 na 610,405 shi ne 18,312. Harajin da ke kai 3,525. Jimillar abin da ya fita daga asusu: sefa 632,242.

Alhaji ya zo da 596,325 a kansa, ya tarar da 632,242. Bambanci sefa 35,917, kashi 6 cikin 100. Idan ka warware shi, 11,043 na kasuwa ne, 3,037 na canjin kati, 21,837 na banki da haraji. Wato kusan kashi uku bisa biyar na abin da ya ba shi mamaki abu ne da zai iya sani tun yana gida, da ya duba jadawalin bankinsa.

Akwai lissafi ɗaya da nake so kowa ya riƙe, ko bai riƙe sauran ba. Ka ɗauki duk abin da aka cire maka da sefa, ka raba shi da adadin kuɗin wajen da ke kan rasit. A nan, 632,242 a raba da 3,750 ya ba da 168.6. Wannan shi ne farashin da Alhaji ya sayi riyal a zahiri. Farashin tsakiya a ranar kuwa kusan 162 ne. Da wannan lamba ɗaya za ka iya gwada katin wannan banki da na wancan, ko ka gwada kati da kuɗin hannu da ɗan canji zai ba ka. Ba sai ka fahimci kowane layi ba. Rabon ya haɗa komai.

Tambayar da na'ura ke yi

Hannu na huɗu ba dole ba ne, amma shi ya fi tsada, kuma da fuskar taimako yake zuwa. Kana gaban na'urar kati a otal ko kanti, ko injin cirar kuɗi, ko shafin biya a intanet, sai a tambaye ka: da riyal za ka biya, ko da kuɗin katinka? Sai a nuna maka adadin a gefe, a shirye, babu jira. A takardu ana kiran wannan tsari DCC. Masu katin da asusunsa yuro ne ko dala suna yawan cin karo da shi a kantuna, mai katin sefa kuma yakan same shi a shafukan da ke ba da zaɓin kuɗin da za a biya da shi.

Zuciya takan karkata ga kuɗin da ta sani. Mutum ya ce gara in ga adadin yanzu in huta. To amma ga abin da ka amince da shi idan ka danna: ka ɗauke aikin canjin daga hannun kamfanin katinka ka miƙa wa ɓangaren mai kaya. Su ne za su yanke farashin canjin, da ribarsu a ciki, kuma mai kayan ma yakan samu rabonsa. Wannan ribar takan ninka tazarar kamfanin kati sau da yawa.

Mu koma kan Alhaji. A ce an ɗora kashi 6 cikin 100 a kan farashin tsakiya. Sefa 607,368 ta koma 643,810. Tun a nan ya wuce 632,242 da ya biya ta hanyar farko da fiye da jaka goma sha ɗaya. Ba a nan ta tsaya ba. Wasu bankunan ba kuɗin da aka yi cinikin da shi suke dubawa ba, ƙasar da mai kayan yake suke dubawa. In haka ne, la'adar kashi 3 da harajinta za su sake hawa: 19,314 da 3,718. Jimilla 666,842. Danna maɓalli ɗaya ya ci masa sefa 34,600.

Akwai wata dabara da na sha ji a bakin mutanenmu. Suna cewa tun da sefa a ɗaure take da yuro, idan an ba ka zaɓi tsakanin riyal da yuro, ka ɗauki yuro, ka tsira daga canji. A ji kamar hankali ne, amma ba haka ba ne. Ɗakin da riyal aka sa masa farashi. Kafin ya zama yuro sai wani ya juya shi, kuma wanda ya ba ka zaɓin shi ke juyawa da farashinsa. Ba ka tsallake canji ba, ka dai zaɓi wanda ya fi tsada. Yuro tana da amfani gare mu ne kawai idan asalin farashin kayan da yuro yake, kamar a Faransa ko Jamus.

Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce: ka biya da kuɗin da mai kaya ya sa farashinsa da shi. A Makka riyal, a Dubai dirhami, a Istambul lira. Dokokin Visa da Mastercard sun ce dole a ba mai kati zaɓi, a kuma nuna masa farashin canjin kafin ya amince. A ƙasashen Tarayyar Turai ma, tun 2020 doka ta tilasta a nuna ƙarin a matsayin kaso a kan farashin Babban Bankin Turai. Amma a cikin cunkoso mai karɓar kuɗi yakan danna maka da kansa. Ka faɗa masa tun kafin ka sa kati, ka kuma duba allon kafin ka sa lambar sirri. Idan ka ga SAR a gefen adadin, riyal ne. Idan ka ga EUR, USD ko XAF alhali kana Saudiyya, ka ce a soke a sake.

Saƙon waya ba shi ne ƙarshen lissafi ba

Biya da kati mataki biyu ne. Lokacin da ka sa kati, na'ura tana tambayar bankinka ko akwai kuɗi, banki ya amince ya riƙe adadin a gefe. Saƙon da ke shigo maka nan take na wannan matakin ne. Daga baya, sau da yawa bayan kwana ɗaya zuwa uku, bankin mai kaya ya aiko da lissafin ƙarshe, sannan a cire kuɗin da gaske. Gwargwadon ƙa'idar katin da ta bankin, ana iya amfani da canjin ranar farko ko na ranar ƙarshe. La'adar banki ma takan fito ne a mataki na biyu, wani lokaci a layinta daban. Don haka idan saƙon waya ya ce 610,405, takardar asusu kuma ta ce 632,242, ba sau biyu aka caje ka ba.

Otal-otal kuma suna da al'adar riƙe wani adadi a katin baƙo a matsayin jingina ranar shiga. Kuɗin ba su fita ba, amma ba za ka iya taɓa su ba sai an sake su, abin da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Mai tafiya da kati ɗaya wanda ya auna kuɗinsa daidai wa daida, wannan na iya tsayar da shi a gaban kanti. Ya kamata ya tambayi otal nawa za su riƙe tun kafin ya miƙa katin.

Inda abin ya fi zafi shi ne mayar da kuɗi. A ce tafiyar Alhaji ta canja bayan ya biya, otal ya yarda ya mayar masa da komai. Otal riyal 3,750 ya karɓa, riyal 3,750 zai mayar, kuma a wurinsa ya sauke nauyi. Amma riyal ɗin sai an sake juya su zuwa sefa da canjin ranar mayarwa. Idan a lokacin yuro ta koma dala 1.10, sun zama 596,325, a cire tazarar canji ta rabin kashi ɗaya, saura wajen 593,343. La'adar da banki ya karɓa tun farko kuwa sau da yawa ba ta dawowa, don a wurinsu an riga an yi hidimar. Ya biya 632,242, an dawo masa da 593,343, ya yi asarar kusan jaka talatin da tara a ɗakin da bai kwana ba. Wanda bai tabbatar da ranar tafiyarsa ba, ya yi wannan lissafin kafin ya zaɓi biyan gaba don rangwame.

Yaushe ne kuskure na gaske?

Duk abin da na faɗa ba yana nufin banki ko mai kaya ba sa kuskure ba. Suna yi. Abin da ake so shi ne ka san lokacin da kake da hujja, don kada ka ɓata ƙafa a kan abin da yake daidai, ka kuma bar wanda za ka iya ƙwatowa.

Ka fara da ajiye rasit ɗin na'ura, ko ka ɗauki hotonsa, don rubutunsa yana gogewa. A takardar asusu, biyan da aka yi a waje yakan fito da adadi biyu: na kuɗin waje da na sefa. Kada ka fara da na sefa. Ka gwada na kuɗin wajen da abin da ke kan rasit. Idan rasit ya ce riyal 3,750, takardar asusu ma ta ce 3,750, to mai kaya ya fita, sauran magana tsakaninka da banki ce.

Idan adadin riyal ɗin kansa ya fi wanda ka gani a shafi, to ba maganar canji ba ce. Ka duba haraji. Saudiyya tana karɓar harajin kaya da hidima na kashi 15 cikin 100 tun watan Yuli na 2020, kuma wasu shafukan kama ɗaki suna nuna farashi ba tare da haraji ba sai a matakin ƙarshe. Wannan kaɗai ya fi duk la'adar da muka lissafa.

Idan riyal ya yi daidai, sai ka auna canjin. Visa da Mastercard duka suna da ma'aunin canji a shafukansu, inda kowa zai sa ranar ciniki, kuɗin da aka biya da shi, kuɗin katinsa, da kason bankinsa, ya ga abin da ya kamata ya fito. Idan abin da ka samu ya yi kusa da abin da aka cire, bambancin 'yan ɗaruruwa ne, lissafi ya tafi daidai, ko da bai yi maka daɗi ba. Idan tazarar ta kai kashi da yawa, ka je banki da rasit da takardar asusu, ka nemi a nuna maka farashin canjin da aka yi amfani da shi da ranarsa.

Abu uku ne suka cancanci ƙorafi a rubuce: an cire adadi ɗaya sau biyu kuma duka sun zauna bayan kwanaki, adadin kuɗin waje ya saɓa da rasit, ko an juya maka kuɗin ba tare da an ba ka zaɓi ba. Bankinka ne ke shigar da ƙorafin ta hannun kamfanin kati, kuma akwai wa'adi, don haka kada a bar shi sai an huta gajiyar tafiya.

Ga wanda ke shirin tafiya kuwa, lissafin gida ya isa. Ka ɗauki farashin da kuɗin ƙasar da za ka je, ka juya shi da canjin yau, ka ɗora kason bankinka da harajinsa, sannan ka bar sararin kashi 2 ko 3 cikin 100 saboda motsin yuro da dala. A misalin Alhaji, wannan zai kai shi tsakanin sefa 630,000 da 636,000. Abin da aka cire masa, 632,242, yana cikin wannan tazarar.